Darasin Wannan Fitowa: Saƙon Layi Uku ga Mai Jarrabawa da Matafiyi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



A da, in mutum zai yi doguwar tafiya, sai ya bi gida gida yana sallama, dattawa su sa masa albarka, abokai su raka shi tasha. Yanzu abokinka yana Abuabo a Kumasi, kai kana Nima a Akara, na ukunku yana Jidda ko Landan. Abin da ya rage na rakiyar nan shi ne ɗan saƙon waya. Haka ma yaron da zai zauna BECE ko WASSCE, kawunnansa da gwaggonninsa da yawa ba sa kusa balle su dafa masa kai. To tunda saƙon ne ya maye gurbin rakiya da dafa kai, ya kamata mu san yadda ake yin sa, domin akwai saƙon da ke kwantar wa mutum hankali, akwai kuma wanda ke ƙara masa nauyi alhali mai aikowa alheri ya nufa.

Layi uku sun isa. Na farko sallama da kiran mutum yadda ka saba kiransa. Na biyu ambaton abin da ke gabansa da sunansa. Na uku addu'a. In an ƙara wani abu, to ya zama abin da zai rage masa wahala ne.

Layi na biyun nan shi ake yawan tsallakewa. Mutum ya samo hoton furanni mai ɗauke da addu'a, ya tura wa mutum arba'in a lokaci guda. Wanda ya karɓa ya san ba don shi aka rubuta ba, har ma WhatsApp kan nuna masa a sama cewa turowa aka yi daga wani wuri. Amma in ka ce "gobe lissafi ko?" ko "na ji motar asuba za ka bi", ya san ka riƙe zancensa a ranka, kuma addu'ar da ta biyo baya tasa ce.

Abin da Sunna ta koyar a kan sallamar matafiyi

A nan ba mu da buƙatar ƙirƙira, domin an riga an koya mana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake sallamar mai tafiya. Ma'anar abin shi ne yana ba Allah ajiyar abubuwa uku na matafiyin: addininsa, da amanarsa, da ƙarshen ayyukansa. Lafazin Larabcin yana cikin ƙaramin littafin nan Hisnul Muslim da ke hannun yawancinmu, a wajen addu'o'in tafiya. Wanda bai haddace ba ya sa malamin makarantar unguwa ya biya masa, ya fi ya kwafo daga saƙon da bai san wanda ya rubuta ba.

Mu tsaya a kan abubuwa ukun nan, don wanda ya gane su zai iya faɗinsu da Hausa ba tare da ya kauce ba.

Me ya sa aka fara da addini, ba a fara da lafiyar jiki ko kuɗin guzuri ba? Duk wanda ya taɓa shiga motar dare daga Akara zuwa Tamale ya san amsar. Direba ba don sallarka yake tsayawa ba. Magariba ta same ka a cikin cunkoso, asuba ta same ka ba ruwan alwala a kusa. Ga gajiya, ga ido ya rabu da na gida, babu wanda ya san ka balle ka ji nauyinsa. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗa salloli, amma sauƙin ba ya amfanar wanda ya bar sallar gaba ɗaya. Shi ya sa abin da aka fi ji wa tsoro a hanya aka fara ba Allah ajiyarsa.

Amana kuwa, masu sharhin hadisi sun fassara ta da iyalin da ya bari a baya da dukiyar da ya bar wa wani, har da abin da mutane suka damƙa masa. Mu 'yan zango mun fi kowa sanin wannan. Ba wanda ke tashi daga Kumasi zuwa Kano ko Yamai hannu biyu: wannan ta ba da kuɗin da za a kai wa tsohuwarta, wancan ya ba da magani, wani ya ba da takarda. Zuciyar matafiyi rabe take biyu, rabi tana ga yaran da ya bari, rabi tana ga kayan mutane da ke jakarsa. Addu'ar ta taɓa duka biyun da kalma ɗaya.

Ƙarshen ayyuka shi ne a roƙa masa cikawa da kyau, ko a wannan tafiya ko bayanta. Ku lura da ladabin: an tuna da ƙarshe, amma ba a ambaci haɗari ko mutuwa ba, ba a tsorata shi ba.

Akwai wani hadisin a Tirmizi daga Anas, Allah ya yarda da shi, na mutumin da ya zo ya ce zai yi tafiya, a yi masa guzuri. Aka roƙa masa guzurin taƙawa. Ya nemi ƙari, aka roƙa masa gafara. Ya sake neman ƙari, aka roƙa masa sauƙin samun alheri duk inda yake. Abin lura shi ne kowace addu'a jimla ɗaya ce, kuma sai da ya nema aka ƙara. Gajarta ba rowa ba ce.

Mu gwada da tafiya guda

A ɗauka abokinka zai tashi daga Akara zuwa Kano ta mota, zai je gaishe da mahaifiyarsa. Hanyar ta bi Aflawo, ta shiga Lome, ta ratsa Togo zuwa Binin, ta wuce Kwatano, ta tsallaka Seme zuwa Legas, sannan a ɗauki doguwar hanyar arewa. Iyaka uku ke nan kafin ma a fara maganar Kano. Ga irin saƙon da yawancinmu za mu rubuta:

"Slm. Na ji za ka Kano. Ka yi hankali fa, hanyar nan ba kyau yanzu, jiya ma na ga hoton wani haɗari. Allah zai kai ka lafiya insha Allah. Don Allah ka taho min da kilishi da hula biyu, zan ba ka kuɗin in ka dawo."

Babu mugun nufi a ciki, amma a duba abin da ya isa ga mai tafiya. Sallamar an yanke ta ta koma haruffa uku da ba sa nufin komai. An ba shi labarin haɗari alhali ya riga ya sayi tikiti, ba fasawa zai yi ba, sai dai ya kwana da hoton a ransa. In kana da labarin hanya mai amfani, misali an rufe wata gada ko ana neman wata takarda a iyaka, wannan nasiha ce, kira shi tun da kwana biyu ka faɗa masa a lokacin da zai iya yin wani abu a kai. Amma tsoro tsagwaronsa ba guzuri ba ne. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kyakkyawar kalma ta fata nagari, ya kuma hana camfi.

Sai sautu. Ba laifi ba ne ka ba abokinka sautu, amma in ka liƙa shi a gindin addu'a, sai addu'ar ta zama kamar sharar fage ce. Raba su. Sautu ya tafi tun da wuri, da kuɗinsa. Saƙon sallama ya tafi shi kaɗai.

Ga yadda zai fi:

"Assalamu alaikum, Malam. Na ji gobe da asuba za ka kama hanyar Kano. Na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen aikinka. Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka tarar da Inna lafiya. Yara suna hannunmu, zan leƙa su ranar Juma'a. Ka sa mu a addu'a."

Maganar leƙa yara, kada a rubuta ta sai in za a yi. In ka rubuta, ta zama alkawari, kuma ita ce hannunka a cikin amanar da ka roƙa masa Allah ya tsare. Neman addu'arsa kuma yana da tushe: Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa addu'ar matafiyi tana cikin addu'o'i uku da ake amsawa, tare da ta wanda aka zalunta da ta mahaifi game da ɗansa.

Yaushe za a tura? Daren da zai tashi, bayan isha'i, yana gida yana ɗaure kaya. In ka bari sai ya hau hanya, da ya tsallaka Aflawo layinsa na Gana yana iya daina aiki in bai buɗe masa damar yin aiki a waje ba, saƙonka ya yi ta rataya har sai ya sami wani layin. A tuna da agogo kuma: Gana da Togo lokacinsu ɗaya, Binin da Najeriya da Nijar suna gabanmu da awa 1, Saudiyya da awa 3. Wanda ke Akara yana son ya yi wa ɗan uwansa da ke Jidda sallama da ƙarfe 10 na dare, can ƙarfe 1 ne, ya tashe shi daga barcin da yake buƙata. In kuwa abokin naka shi ne direban, kada ka kira shi ko ka tura masa komai yana kan sitiyari. Yi masa addu'ar daga inda kake, ba sai wayarsa ta yi ƙara ba.

"Allah ya" da "Allah zai"

A saƙon farko akwai wani abu da ya cancanci a keɓe masa wuri. "Allah ya kai ka lafiya" roƙo ne. "Allah zai kai ka lafiya" labari ne a kan abin da bai faru ba, kuma ba wanda ya ba ka wannan labarin. Ga mai jarrabawa abin ya fi nauyi. Ka ce wa yaro "Allah zai ba ka A1", sakamako ya fito ba haka ba, ka bar shi da tambayar da bai kamata ta shiga zuciyarsa ba. Hausa ta riga ta raba mana su da harafi biyu, sai mu riƙe.

Haka nan liƙa "in sha Allahu" a ƙarshen roƙo. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin mutum ya roƙi gafara ko rahama yana rataya roƙon da "in ka so", an umarce shi ya ƙudurta roƙonsa, domin ba mai tilasta Allah. Saboda haka malamai da yawa suka ga barin ta a cikin addu'a ya fi, ko da yake wasu sun sassauta in neman albarka ake nufi da ita. Wurinta na asali shi ne abin da kai ka yi niyyar aikatawa, kamar yadda aya ta 23 da ta 24 a Suratul Kahfi suka koyar: "zan zo tasha in tarye ka in sha Allahu." Wannan gyara ne na hankali, ba abin da za a tsayar da tsohuwa a yi mata wa'azi a kai ba don ta faɗa wa jikanta.

Mai jarrabawa

A nan gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce babu wata addu'a da ta zo a Sunna da sunan addu'ar jarrabawa. Saƙonnin da ke yawo duk lokacin WASSCE, masu cewa a karanta kaza sau kaza a tofa a biro, ko a tura wa mutum goma sai a ci, ba su da asali. Kada mu tura wa yaranmu, domin muna koya musu jingina wa addini abin da bai faɗa ba, a daren da suka fi kowane dare saurin gaskatawa.

Abin da muke da shi ya wadatar. Akwai roƙon Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratu Ɗaha daga aya ta 25 zuwa ta 28, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna: ya nemi buɗin ƙirji, da sauƙin al'amari, da warware ƙullin harshe don a fahimci maganarsa. Akwai roƙon ƙarin ilimi a aya ta 114 ta wannan surar. Yawancin yaranmu da suka yi makarantar allo ko Islamiyya sun san su, tuni kawai suke buƙata. Kuma ya halatta ka roƙa masa da Hausa abin da ka san yana buƙata. Wanda ya yi karatu, abin da ke kayar da shi a ɗakin jarrabawa yawanci firgita ce da mantuwa da rashin karanta tambaya da kyau. To roƙa masa kishiyoyinsu:

"Assalamu alaikum aboki. Gobe lissafi ko? Allah ya buɗa maka ƙirji, ya tuna maka abin da ka karanta, ya ba ka natsuwa. Ba sai ka rubuto amsa ba, kwanta da wuri."

Jimlar ƙarshen nan kyauta ce babba. Yaron da ya sami saƙo ashirin daga dangi, tarbiyyar gida ba za ta bar shi ya ƙi amsa wa manya ba, sai ya kai sha biyun dare yana rubuta "amin na gode". Ka sauke masa wannan. Sallamar ya amsa ta da baki lokacin da ya karanta, godiya ta jira bayan takarda.

Abin da ba ya shiga wannan saƙo shi ne tunin kuɗin makaranta da aka kashe, da "kada ka ba mu kunya", da sakamakon ɗan maƙwabta na bara. Iyaye, mun san wahalar da kuka sha, amma yaron ma ya sani, kuma da nauyin nan yake kwana. Daren jarrabawa ba ya ƙara masa ilimi, sai dai ya ƙara masa natsuwa ko ya rage.

Kada kuma a tura da safiyar jarrabawar. Dokar WAEC ta hana shiga ɗakin jarrabawa da waya, kuma wanda aka kama da ita ana iya soke masa sakamakonsa duka, ko bai taɓa ta ba. Yaron da ya saba jiran saƙon safe shi ne zai sa waya a aljihu ya manta. Gara ya san tun dare cewa duk mai yi masa addu'a ya riga ya yi, ya bar wayar a gida. Tunda WASSCE makonni take ɗauka, ba sai kullum ba: daren takardar farko, da daren darasin da ka san yana jin tsoro, sun isa. Wanda kuma ya haɗa addu'a da turo tambayoyin da aka ce sun fita, ya haɗa roƙon Allah da ha'inci a saƙo ɗaya, ya kuma jefa yaron cikin abin da zai iya cinye masa shekara uku na karatu.

Ga 'yar ƙanwarki, Hajiya, ba sai kin canza muryarki ba: "'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a gobe, ya sa ki ga abin da kika sani. Gwaggonki tana yi miki addu'a." In rubutun boko yana ba ki wahala, saƙon murya ya fi, don jin muryarki kansa magani ne. Sai dai ya tsaya a rabin minti. Na minti shida, yarinyar za ta ajiye shi sai bayan jarrabawa.

Wani ɗan bayani ga masu tura wa tsofaffi saƙo a ƙaramar waya mai maɓalli. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da an sa harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, irin ƙ ko ɗ ko ɓ, ko rubutun Larabci, sai ya koma 70. Saƙon lissafin nan na sama da kyar ya shiga guda in an rubuta shi da k da d, amma da lanƙwasarsa zai rabu uku, a caje ka kuɗin uku, wata tsohuwar wayar ma ta nuna akwatuna a maimakon haruffan. A WhatsApp babu wannan matsala, sai a rubuta Hausa daidai.

Bayan an tura

Rubuta addu'a ba ya maye gurbin yin ta. Muslim ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa mai yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, akwai mala'ikan da ke cewa amin yana roƙa masa irinta. Saboda haka in ka rubuta "ina yi maka addu'a", ɗaga hannu ka yi kafin ka ajiye wayar, ko ka tuna da shi a sujadar isha'i, don maganarka ta zama gaskiya.

Shi ma matafiyin yana da tasa amsar. Ibnu Majah ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mai tafiya yakan ba Allah ajiyar waɗanda ya bari, yana ambaton cewa ajiyar Allah ba ta ɓata. Da Hausa yana iya cewa: "Amin, na gode. Ni ma na bar ku a hannun Allah." In ya sauka, ya aiko da kalma biyu, "na iso", tun kafin ya yi wanka, domin akwai tsohuwar da ba ta runtsa ba tun da ya tashi.

Mai jarrabawa kuwa, in ya fito kada tambayar farko ta zama "nawa za ka ci?" Ka ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a abin da aka rubuta, sannan ka tambaye shi wace takarda ce ta gaba, kuma ran yaushe.